Yadda za ka gane kalorin mangwaro, ayaba, lemo da kankana: ƙirgen ƙwaya ko awon sikeli

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai wani abu da na daɗe ina so in yi bayani a kai, saboda ina yawan ganin masu son rage ƙiba da masu lallaɓa cimarsu saboda ciwon suga suna faɗawa kuskure guda, mutum zai ce ai ni mangwaro biyu kacal na sha, ko ya ce ayaba ɗaya ce ai, shi kenan ya rubuta lambar da ya gani a waya ya kwanta hankalinsa kwance. To wane mangwaron? Wannan tambayar ita ce duk maganar. Don wallahi in ka shiga kasuwar Sabon Gari lokacin zafi za ka ga ɗan ƙaramin mangwaro mai zare wanda za ka dunƙule a tafin hannu, a tiren gefensa kuma ga wani ƙato da sai ka sa hannu biyu, dukkansu sunansu mangwaro ɗaya, amma abin da zai shiga cikinka ba ɗaya ba ne ko kusa.

Ni abin da ya sa na shiga harkar nan, Hajiyarmu aka ce ta rage nauyi saboda gwiwa, ita kuma ba ta wasa da kayan marmari, in an yi la'asar sai an yanka mata kankana ko lemo. Ni na ɗauki nauyin lissafin, na sayi ɗan sikelin kicin na dijital, na yi ta awo har na gane inda gizo ke saƙa. Abin da na koya shi zan jero muku daki-daki.

Mataki na farko, haddace lambobi huɗu

Lambobin da ake amfani da su a ko'ina, waɗanda galibi daga teburin abinci na ma'aikatar noma ta Amurka aka samo su, ana ba da su ne a kan giram 100 na abin da ake ci. Giram 100 na kankana kalori 30 ne, na lemon zaƙi 47, na mangwaro 60, na ayaba 89. Su kenan fa. In ka riƙe waɗannan huɗun ka gama rabin aikin, kuma suna da sauƙin riƙewa in ka lura da dalili, duk wanda ruwa ya fi yawa a cikinsa kalorinsa ya fi ƙasa. Kankana sama da kashi 90 cikin 100 ruwa ce, ayaba kuwa wajen kashi 75, ragowar kusan duk sitaci ne da suga, shi ya sa ta kusa ninka kankana sau uku.

Amma ka kula da kalmar nan, abin da ake ci. Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Lambar ba ta haɗa da ɓawon ayaba ba, ba ta haɗa da ƙwallon mangwaro ba, ba ta haɗa da koren bayan kankana da farin da ke manne da shi ba. In ka ɗora ayaba da ɓawonta a sikeli ka ga 150 ka ninka da 89 ka raba da 100, ka ƙara wa kanka kalorin da ba ka ci ba, don wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin ayaba ɓawo ne.

Mataki na biyu, me ya sa ƙirgen ƙwaya ke yaudara

In ka buɗe manhajar lissafin abinci a waya ka nemi ayaba, za ta nuna maka wani abu kamar "1 medium" da kalori 105. Wannan matsakaiciyar tasu ayaba ce da tsokarta kaɗai ta kai giram 118, doguwa ce sosai, wajen santimita 18 zuwa 20. To ka je wajen mai tire a Tudun Wada ko bakin titin Samaru ka duba 'yan gajerun ayabar da ake sayar mana nono-nono, da yawansu rabin wannan ne. Haka lemo, matsakaicinsu giram 131 ne bayan an ɓare, kalori 62. Mangwaro kuwa ya fi kowa rikici, don wanda suke kira guda ɗaya yana iya zama mai tsoka giram 336, kalori kusan 200, irin manyan da ake kaiwa kantunansu. Kai kuma ɗan mai zare ka sha, ka rubuta 200, alhali ko 70 ƙila bai kai ba. Wani kuma akasin haka, ya sha ƙaton da ya cika kwano ya rubuta masa lambar ƙarami.

Akwai kuma wani abu da ido ba ya kamawa. Abu mai kewaye in ya ɗan ƙara faɗi, nauyinsa tsalle yake yi, don ta ko'ina yake ƙaruwa, tsawo da faɗi da kauri. Ɗauki lemo biyu, ɗaya faɗinsa santimita 6 ɗaya 8. A ido za ka ce wannan ya ɗan fi wancan ne kawai, amma a sikeli babban ya ninka ƙaramin har da ɗori, wajen sau biyu da sulusi. Na gwada wannan a gaban ƙanwata ta ƙi yarda sai da ta ɗora da hannunta. Don haka kalmar ƙarami da matsakaici da babba ba awo ba ne, kowa da abin da ya saba gani a kasuwarsu.

Mataki na uku, auna sau biyu

Wannan shi ne hanyar da na tsaya a kai kuma ita nake ba kowa shawara, don ba ta buƙatar ka canja yadda kake shan abinka. Ba sai ka zauna kana fere mangwaro kana yanka shi gutsi-gutsi kamar a otal ba.

Ka ajiye sikelin a wuri mai tauri da ya daidaita, kan tebur ko siminti, ban da kan katifa ko kafet don lambar za ta yi ta rawa. Ka ɗora faranti babu komai, ka danna maɓallin da aka rubuta TARE, a wasu ZERO ne, lambar ta koma 0. Ka tabbata a g yake, wato giram, don wani lokacin yara na taɓawa ya koma oz ka ga lamba 'yar ƙarama ka rasa me ya faru. Sai ka ɗora ɗan itacen yadda yake da ɓawonsa ka rubuta. Ka sha abinka yadda ka saba, amma duk abin da ya rage, ɓawo ne, ƙwallo ne, 'ya'ya ne, ka mayar kan farantin nan. Ka sake dubawa. Lambar farko ka cire ta biyu, abin da ya rage shi ne ya shiga cikinka. Daga nan ka ninka da lambar ɗan itacen ka raba da 100.

Kada ka bar ɓawon ya kwana ko ya sha rana kafin ka auna, musamman a zafin Maris da Afrilu ko lokacin hunturu da iska ke busar da komai, in ya bushe zai yi sauƙi, lissafin ya nuna ka ci fiye da abin da ka ci. Kana gamawa ka auna.

Yanzu bari in kawo awon da na yi wata ranar Juma'a da na dawo da kaya daga kasuwa, don ku ga yadda abin yake a zahiri. Lambobin nawa ne na ranar, naka zai bambanta, amma hanyar ɗaya ce.

Mangwaro. Na ɗauko ɗan ƙarami daga kashin da na saya, ya ba da giram 180. Na wanke na sha irin shan da muka saba, na tsotse ƙwallon har ya yi fari, na mayar da ƙwallo da ɓawo, giram 70. Ke nan 110 na sha, in ka ninka da 60 ka raba da 100 ya zama kalori 66. Ba yawa. To amma wa ke shan ɗaya ya tashi? Irin wannan in aka zube shi a roba da ruwan sanyi, biyar ma mutum bai san ya sha ba, biyar kuwa kalori 330 ke nan, ya kai na farantin shinkafa madaidaici babu miya. Sai na ɗauko babban, giram 520. Ƙwallonsa siriri ne fale-fale, shi da ɓawo suka tashi 140, tsoka 380, kalori 228. Ka ga mangwaro ɗaya 66, mangwaro ɗaya 228. Kuma ka lura, ƙaramin kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa yarwa aka yi, babban ko kashi 30 bai kai ba, shi ya sa ba na son a ce wa mutum kawai cire kaza daga nauyin mangwaro, kowane iri da girman ƙwallonsa. In kai mai cinye ɓawon ne kuma, to ƙwallon kaɗai za ka mayar, ɗan bambancin kalorin ɓawon bai kai a damu da shi ba.

Ayaba ba ta da wahala. Gajeriyar ta ba da 85, ɓawo 30, tsoka 55, kalori 49. Doguwar 190, ɓawo 65, tsoka 125, kalori 111. Wato biyu daga gajerun ba su ma kai doguwar ɗaya ba. Abin da zan ja kunne a kai kawai shi ne ayaba a hannu ba ta da nauyi amma ita ce ta fi kowa kalori a cikin huɗun, uku ko huɗu da gyaɗa soyayya irin yadda ake haɗawa a tasha, wannan ya zama abinci, ba lasa ba ne. Kuma kada a haɗa ta da agada, agada ɗanya wajen 120 ce a giram 100, in aka soya ta a mai kuwa maganar ta canja gaba ɗaya.

Lemo shi ne ya fi ba ni sha'awa, don yadda muke shansa daban ne da yadda teburin ya ɗauka. Su sun ɗauka za ka ɓare ka cinye ɓangarorin duka da ɗan fatar ciki. Mu kuwa mai lemo zai fere koren bayan da wuƙa ya bar farin, ya yanke kan, kai kuma ka matsa ka tsotse ruwan ka jefar da tuƙar. In ka lissafa da lambar wanda ya cinye duka ka yi sama da yawa. Na gwada duka biyun da lemo biyu masu girma ɗaya, kowanne wajen 200. Na farkon na ɓare shi tas na cinye, ɓawo da 'ya'ya suka ba da 55, na ci 145, kalori 68. Na biyun na fere shi irin na masu tire ya koma 170, na tsotse iya ƙarfina, tuƙar ta ba da 80, ke nan ruwa giram 90 na sha. Ruwan lemo wajen kalori 45 ne a giram 100, ya tashi 40 da ɗan kai. Mutum zai ce to ai tsotsar ta fi, tunda kalorin ya fi kaɗan. Ni ban yarda ba. Wanda na cinye duka ya zauna min a ciki, wanda na tsotse kuwa kamar ban sha komai ba, hannuna har ya kai kan na gaba. Harzar da ke riƙe ciki kuma ke sa sugan ya shiga jini a hankali ita ce muke tofarwa. Shi ya sa yanzu Hajiya ɓare mata ake yi, da farko ta ce ita fa ba haka ta saba ba, na ce Hajiya ki daure ki gwada na sati ɗaya, yanzu da kanta take cewa a ɓare.

Kankana kuwa, nan ne mutane suka fi sakin jiki, an ce ai ruwa ce. Gaskiya ne ita ce mafi ƙarancin kalori a giram, amma ita ce kuma ake sha da kilo. Yanka ɗaya irin na mai baro, dogon nan da ake ɗaurewa a farar leda, ya ba ni 450 da ɓawonsa, na sha jan na mayar da ɓawo da 'ya'ya 180, na sha 270, kalori 81. Lafiya lau. Sai da daddare aka fasa babbar aka miƙo min kwata, na ce bari in auna wannan ma, kilo 1 da giram 400. Ɓawon 600. Na sha 800, kalori 240, ya fi ƙaton mangwaron nan, ya fi doguwar ayaba biyu. Kuma duk wanda ya san buɗa baki a zafin Zariya ya san kwatar kankana mai sanyi ba wani abu ba ne a wajen mai ƙishi. Wajen kankana kalmar yanka ɗaya ba ta da wata ma'ana sam, don wuƙar mai sayarwa ce ke yanke hukunci, yau ya yanka da kauri gobe in ta yi tsada ya sirance. Kusan rabin nauyin kankana ɓawo ne, amma shi ma ya danganta, wata ɓawonta siriri wata kamar katako.

Mataki na huɗu, ka yi wa kanka teburin gida

Ba cewa nake ka dawwama da sikeli a hannu ba, wannan zai gajiyar da kai ka watsar cikin sati biyu. Abin da ya yi min aiki shi ne, tunda galibi wajen mutum ɗaya ko biyu muke sayayya kuma iri ɗaya suke kawowa a kowace kaka, sai ka auna guda biyar daga kashin gaba ɗaya, a sha, a tara ragowar a auna, ka cire, ka raba biyar. Ka samu lambar ƙwaya ɗaya ta irin wannan kayan. Ka rubuta a takarda ka manna jikin firij ko ƙofar kicin, ƙaramin mangwaro 65, gajeriyar ayaba 50, lemon tsotsa 40, lemon ɓarewa 70, yankan mai baro 80. Daga nan ƙirgen ƙwaya ya halatta, don ƙwayarka ce da ka auna, ba ta wata ƙasa ba. Ranar da kaya suka canja, misali ƙananan mangwaro suka wuce manya suka shigo, ko lemon da ake kawowa daga Binuwai ya zo manya-manya, ka sake awo sau ɗaya ka gyara takardar.

In babu sikeli fa?

Akwai dabara, ba ta kai sikeli ba amma ta fi kintace da ido. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, nauyinta wajen giram 500. Riƙe ta a hannu ɗaya, mangwaro ko yankan kankana a ɗaya hannun, ka jinjina. In sun yi kusan ɗaya to kayanka 500 ne da ɓawo. Sai ka yi ragin da ya dace, kankana ka ɗauki rabi ko sama kaɗan, ayaba da mangwaro ka ɗauki biyu cikin uku, lemon da za ka ɓare uku cikin huɗu, na tsotsa kuwa ƙasa da rabi. Mangwaron da ya yi nauyin fiya wata ke nan tsokarsa wajen 330 zuwa 370, kalori 200 zuwa 220. Ga ƙananan kaya ka haɗa su da yawa, in mangwaro uku a leda suka yi nauyin fiya wata ɗaya, ka san kowanne wajen 170 ne. Hannu na iya kuskure da giram 50 ko fiye, musamman in ɗaya na da sanyi ko siffarsa daban, don haka ka sauya hannu ka sake jinjinawa. In kuma an yanka ƙanana a kofi, cikin kofi mai ɗaukar mililita 240 na kankana wajen kalori 46 ne, na mangwaro wajen 100.

Inda lissafin ke da iyaka

Lambobin nan huɗu matsakaita ne, ba a auna mangwaron gonar Malam wane ba. Mai zaƙi sosai irin wanda ke manne yatsu zai iya ɗara 60, kankanar da aka yi rashin sa'a ta fito salam zata iya gaza 30. Wannan bambancin ƙarami ne in ka kwatanta da na girma, wanda muka ga yana ninkawa sau uku, don haka ba na ɓata lokaci a kansa. Ana kuma yawan tambaya ko ayabar da ta nuna luguf ta fi kalori. Ba sosai ba, sitacin cikinta ne ya juye suga, kalorin kusan yana nan, sai dai sugan ya fi saurin shiga jini, wannan kuma mai ciwon suga ya shafa.

Su masu ciwon suga ma ba kalori ne babban abin dubawarsu ba, sitaci da suga ne, kuma awon nan ɗaya zai yi musu aiki da wasu lambobin, a giram 100 ayaba na da wajen giram 23, mangwaro 15, lemo 12, kankana 7 da rabi. Kwatar kankanar nan tawa mai 800 ke nan giram 60 ne a zama ɗaya, wannan ba kaɗan ba ne ga mai suga. Nawa ya kamata ya ci a zama guda, wannan tsakaninsa da likitansa ne da na'urar gwajinsa, sikelin zai gaya masa nawa ya ci ne kawai.

Sai haɗin kayan marmari da ake yi da azumi ko in an yi baƙi. In an yayyanka komai an cakuɗa a kwano ba za ka iya raba su ba, don haka mai haɗawa ce za ta auna kowanne kafin ta zuba, ta tara kalorin duka, ta auna nauyin kwanon gaba ɗaya, sai kowa ya lissafa rabonsa da nauyin abin da ya ɗiba. Kuma a sa abin da aka zuba a kai cikin lissafin, ƙaramin cokalin suga ɗaya kalori 16 ne, madara kuma a duba jikin gwangwanin an rubuta. Na taɓa lissafa wani kwano da aka haɗa mana a gida, kankana 600, mangwaro 300, ayaba 200, kayan kaɗai kalori 180 da 180 da 178, jimla 538, ayabar da ba ka ko ganinta sosai a kwanon ta kawo daidai da kankanar da ta cika shi. Tun daga ranar in Hajiya za a haɗa wa, ayaba gajeriya ɗaya ake sawa a ƙara kankana da lemo, kwanon na cika yadda take so.